Daga Ina 13 Cikin 20 Ta Fito? Yadda Malami Zai Tsara Ma'aunin Makin Insha'i

Ɗalibi ya karɓi takardarsa ta insha'i, ya ga an rubuta 13/20 da jan biro an kewaye, a ƙasa kuma an ce, "Ka ƙara ƙoƙari." Idan ya yi ƙarfin hali ya tambayi malam inda sauran maki bakwai ɗin suka maƙale, da wuya ya sami amsar da zai iya yin aiki da ita. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Sau da yawa malamin shi kansa ba zai iya faɗa ba, domin karantawa ya yi, ya ji a ransa cewa aikin ya ɗara matsakaici amma bai kai na ƙwarai ba, sai hannu ya rubuta 13. Da takardar ta zo masa da safe bayan ya karya kumallo, ko kuma ta biyo bayan wata lalatacciya, mai yiwuwa 15 za ta samu.

Masana ilimi sun daɗe da gwada wannan al'amari. A shekarar 1912 wasu Amurkawa biyu, Daniel Starch da Edward Elliott, suka ɗauki takardun jarrabawar Ingilishi na ɗalibai biyu, suka raba wa malaman sakandare 142 don kowa ya ba da maki bisa ɗari. Takarda ɗaya ta sami maki daga 64 zuwa 98, ɗayar kuma daga 50 zuwa 97. A 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa biyu suka maimaita gwajin da girma: insha'i 300, masu dubawa 53, kowa ya sa kowace takarda a ɗaya daga cikin matakai tara. Takardu 101 sun sami kowane mataki daga na ɗaya har na tara, kuma babu takardar da ta sami ƙasa da matakai biyar mabambanta. Abin da ya fi amfani a binciken nasu shi ne dalilin da suka gano. Masu dubawar ba sakaci suka yi ba, kowa abin da yake nema daban ne. Wani tunanin marubuci yake bi, wani tsarin rubutun, wani zaɓen kalmomi, wani kurakurai yake farauta, wani kuma ɗanɗanon salo ne ke jan sa.

Ma'aunin maki takarda ce guda, yawanci shafi ɗaya, wadda malami ke zana jadawali a kanta tun kafin ya ba da aikin. A gefe akwai abubuwan da za a duba, a sama akwai matakan ƙwazo, a kowane gida kuma an rubuta yadda aikin wannan mataki yake kama. Aikinsa irin na mudu ne a kasuwar hatsi: mai saye da mai sayarwa duk sun san girmansa kafin a fara awo. Zana layukan jadawalin ba wuya. Wuyar tana cikin abin da za a rubuta a gidajen, kuma a nan ne mafi yawan ma'aunan da ke yawo a makarantunmu suke faɗuwa.

Aiki ɗaya, abubuwa huɗu

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Malamar Hausa ce a aji biyu na babbar sakandare. Ta gama koyar da insha'in muhawara, sai ta ba da jigo: "Makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo amfani ga ɗalibi. Goyi baya ko ka musanta." Tsawo kalmomi 250 zuwa 300, maki 20.

Tambayar farko da za ta yi wa kanta ita ce, me na koyar a makonnin nan da nake son in gani a takarda? Ta koyar da yadda ake ɗaukar matsayi, a kawo dalili, a tallafe shi da misali, a kuma amsa wa mai adawa. To wannan shi ne zuciyar aikin, shi ya kamata ya kwashi kaso mafi tsoka. Sai ta raba makin kamar haka: hujja 8, tsari 4, sarrafa harshe 4, ƙa'idojin rubutu 4.

Wannan rabo ba doka ba ne, kuma yana da kyau a kwatanta shi da na WAEC. A insha'in Ingilishi na jarrabawar kammala sakandare, inda ake son kalmomi 450, ana ba da maki 50: abin da rubutun ya ƙunsa 10, tsari 10, sarrafa harshe 20, kiyaye ƙa'idoji 10. Wato kashi 60 cikin ɗari na makin ya tafi ga harshe da ƙa'idojinsa, abin da ɗalibi ya faɗa kuwa kashi 20 kacal. Hakan ya dace da manufarsu, domin Ingilishi harshe na biyu ne ga masu rubuta jarrabawar, kuma iya shi ake son aunawa. Amma malamar da ke koyar da muhawara da Hausa ga yaran da suka tashi da Hausa a baki, idan ta kwafo wannan rabo ido rufe, za ta ƙare tana ba da lada a kan abin da yaran suka zo da shi daga gida, tana rage darajar abin da ta sha wahalar koyarwa. Idan jarrabawar ƙarshe ta ƙarato ana atisaye, sai a koma ga rabon hukumar jarrabawa. Kafin nan, darasi ne ke yanke rabo.

Me ya sa huɗu, ba takwas ba? Lissafi ne kawai. Malamin da ke da ɗalibai 80, idan ya ba kowace takarda minti 5, ya ci awa 6 da minti 40 a kan aji ɗaya. Kowane layi da ya ƙara a jadawali hukunci 80 ne ya ɗora wa kansa. Kuma idan layukan suka yi yawa sai su fara shiga juna. Ma'aunin da ke da "nahawu" daban, "ginin jimla" daban, "ƙwarewar harshe" daban zai hukunta yaro sau uku a kan laifi ɗaya. Gwajin da ake yi wa kowane layi shi ne: zai yiwu ɗalibi ya yi kyau a wannan, ya gaza a wancan? Idan ba zai yiwu ba, abu ɗaya ne aka ba sunaye biyu, sai a haɗe su.

Akwai kuma abubuwan da ba su da gida a jadawalin ko kaɗan. Kyan rubutun hannu, tsabtar takarda, kawo aiki a kan lokaci, ladabin yaro. Duk suna da muhimmanci, amma ba iya insha'i ba ne. Idan makaranta na son a hukunta makara, a rubuta wannan a ƙasan shafi a matsayin sharaɗi mai zaman kansa, yadda uba zai iya gane cewa ɗansa ya iya rubutu, lalaci ne ya ja masa ragi.

Abin da ake rubutawa a gidajen

Ga irin ma'aunin da aka fi gani. A layin hujja an rubuta: mataki na 4, hujjoji masu kyau ƙwarai, na 3, hujjoji masu kyau, na 2, hujjoji matsakaita, na 1, hujjoji masu rauni. Wannan bai warware komai ba. Malamai biyun da suka saɓa a kan 13 da 16 za su sake saɓawa a kan "masu kyau" da "masu kyau ƙwarai", ɗalibin da aka ce masa hujjarsa matsakaiciya ce kuma bai san abin da zai canza gobe ba. Hukuncin zuciyar nan ne dai aka sa wa riga. Ƙa'idar da zan riƙe a nan guda ce: duk abin da aka rubuta a gida ya zama abin da malami zai iya ɗora yatsa a kansa a takardar ɗalibi ya ce, ga shi nan, ko kuma, duba, babu shi.

Irin waɗannan kalmomi ba a samun su ta hanyar zama a yi tunani. Daga takardun yara ake ciro su. Malamarmu za ta nemo insha'in muhawara na ajin bara, ko ta sa ajin bana su yi ɗan gajere na gwaji, ta ɗebi kamar ashirin. Ta karanta da sauri ba tare da biro a hannu ba, ta kasa su kashi huɗu daga mafi kyau zuwa mafi rauni. Sannan ta ɗauki ɗaya daga kashi na biyu da ɗaya daga na uku ta ajiye su gefe da gefe, ta tambayi kanta: me wannan ya yi da wancan bai yi ba? Amsar farko da za ta zo ita ce "ya fi shi iya bayani". Kada ta tsaya a nan. Ta ci gaba da tonawa har ta kai ga abin da ido ke gani, misali: wannan in ya kawo dalili yakan bi shi da misali, wancan kuwa jera dalilai yake yi ya wuce. Wannan jimla ita ce iyakar da ke tsakanin matakan biyu, ita za a rubuta.

An fi samun sauƙi idan aka fara da mataki na 3, wato aikin ɗalibin da ya koyi abin da aka koyar. Daga nan a hau ɗaya, a sauko biyu. Wanda ya fara daga sama yakan zana insha'in da ko shi ba zai iya rubutawa cikin minti arba'in ba, sauran matakan kuma su zama jerin "bai yi ba, bai yi ba".

Ga yadda layin hujja zai fito a aikin namu. A mataki na 3, mai maki 5 ko 6, ɗalibi ya bayyana ɓangaren da yake goya wa baya tun a sakin layi na farko kuma bai sauka daga kai ba, ya kawo dalilan da suka bambanta da juna, kuma mafi yawansu ya tallafe su da misali ko bayanin yadda abin ke faruwa. A mataki na 4, mai maki 7 ko 8, ya yi duk wannan, sannan ya ɗauko hujja mai ƙarfi ta ɗaya ɓangaren ya amsa ta da dalili. A mataki na 2, mai maki 3 ko 4, matsayinsa a fili yake, amma dalilan jere suke ba tallafi, ko kuma dalili ɗaya ne yake ta sauya wa kalmomi. A mataki na 1, mai maki 1 ko 2, yana magana a kan makarantun kwana da na jeka-ka-dawo, amma mai karatu ba zai iya faɗin ɓangaren da ya ɗauka ba, ko ya fara da wani ya ƙare da wani.

A lura da abu biyu. Zare ɗaya ne ya ratsa matakan huɗu: matsayi, dalili, tallafi, amsa wa abokin hamayya. Kowane mataki ƙari ne a kan na ƙasa da shi, don haka yaron da ke mataki na 2 yana iya karanta gidan da ke gaba da nasa ya ga aikin da ya rage masa. Na biyu, har mataki na 1 an faɗi abin da ɗalibi ya yi, ba a ce "bai iya komai ba". Sifili kuwa an ajiye shi ga takardar da ba a rubuta komai ba, ko aka kwafo, ko aka haddace wani insha'i daban aka juye. Wannan na ƙarshe sananne ne ga duk wanda ya taɓa duba jarrabawa: ka tambayi makarantar kwana, a ba ka "Ranar da ba zan manta da ita ba".

Na guji cewa "dalilai uku" da gangan. Ƙirga yana da daɗi domin ba ya jawo gardama, amma yara suna da wayo. Ranar da ka rubuta cewa dalilai uku ne ke kai mutum mataki na 3, za ka sami takardu tamanin masu dalilai uku cif, na ukun kuwa ciko ne. Ɗalibar da ta kawo dalilai biyu ta tona su da kyau ta fi wadda ta jera biyar, kuma ma'auni bai kamata ya hana malami faɗin haka ba.

Me ya sa matakai huɗu? Uku sun yi kaɗan, domin rabin aji zai cunkushe a tsakiya. Biyar kuma suna da gida na tsakiya inda malamin da ya gaji yake fakewa. Huɗu suna tilasta masa ya yanke: wannan aiki ya kai abin da na koyar, ko bai kai ba? Shida ko bakwai kuwa, da wuya a sami kalmomin da za su raba su da gaske, sai a koma ga "ƙwarai" da "sosai".

Tsari da sarrafa harshe ba sa buƙatar dogon bayani, hanyar ɗaya ce. A tsari, mataki na 3 shi ne akwai gabatarwa da kammalawa, kowane sakin layi kuma magana ɗaya yake ɗauke da ita. Na 4 shi ne sakin layukan sun ginu a kan juna, yadda in ka sauya musu wuri maganar za ta karye. A harshe, ana duba ko jimlolin sun cika, ko kalmomin sun dace da muhawara, ko ana cusa Ingilishi inda akwai Hausar da kowa ya sani. Karin magana na da tarko a nan. Idan aka rubuta "ya yi amfani da karin magana" a mataki na 4, za a sha su a kowane layi. A rubuta cewa karin magana ko salon da ya kawo ya ƙara wa hujjar ƙarfi, wanda kuma bai kawo ko ɗaya ba yana iya kai wa mataki na 4 in maganarsa ta fita tsaf.

Layin ƙa'idojin rubutu shi ne inda ƙirga ke da amfani, amma da sharuɗɗa. A tsarin WAEC ana cire rabin maki a kan kowane kuskure har makin layin ya ƙare, wato kuskure 20 sun cinye maki 10. A aikin aji gara a yi sassauci ta hanya biyu. Ta farko, kuskure iri ɗaya a ƙirga shi sau ɗaya. Yaron da ya rubuta "shine" maimakon "shi ne" sau tara ƙa'ida ɗaya ce bai sani ba, ba tara ba. Ta biyu, a ƙirga a cikin kalmomi 100 na farko kawai, ko wani yanki da aka ƙayyade wa kowa, don kada wanda ya yi dogon rubutu ya sha hukuncin ƙwazonsa. Sai a ce nau'in kuskure 0 zuwa 2 mataki na 4 ne, 3 zuwa 5 na 3, 6 zuwa 8 na 2, abin da ya haura haka na 1. Kuma a ambaci nau'o'in da suna: haruffa masu ƙugiya, kamar rubuta "kafa" a wurin "ƙafa" ko "baki" a wurin "baƙi", raba kalma da haɗe ta, kamar "ya na" a wurin "yana" da "zasu" a wurin "za su", babban baƙi a farkon jimla da sunaye, aya da waƙafi, sai rubutun waya da ya fara malalowa cikin littattafan yara, irin su "xan xo" da "qasa".

Akwai tambayar da malamin Hausa ba zai kauce mata ba: karin harshe. Ɗalibi a Sakkwato ya rubuta "yat tafi" ko "ɗiyata", na Katsina ko Zariya shi ma ya zo da nasa. Kuskure ne? Ma'aunin ne zai faɗa tun kafin a fara, in ba haka ba malamin da ya taso a Kano da wanda ya taso a Gusau za su ba takarda ɗaya maki biyu. A ganina, tunda daidaitacciyar Hausa ake koyarwa kuma ita ake nema a jarrabawa, siffofin nahawu irin su "yat tafi" a gyara su, a ƙirga su nau'i ɗaya. Kalmar yanki kuwa, irin "ɗiya", wadda ke cikin ƙamus kuma kowa ya gane ta, a bar yaro da abinsa.

Takardu biyu a kan ma'auni

Mu ce takardu biyu ne a gaban malamar. Ta farko rubutun hannunta kamar bugun inji. Ta buɗe da gaisuwa ga shugaban zama da alƙalai da mai lura da lokaci, ta ci layi shida. Sannan ta ce: "Makarantar kwana ta fi, domin tana koyar da tarbiyya. Haka kuma tana koyar da ladabi da biyayya. Bugu da ƙari tana sa ɗalibi ya zama mai hali nagari, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Babu kuskuren ƙa'ida ko ɗaya.

Ta biyu duk gogewa ce da karce. A ciki an rubuta: "Ni ina ganin jeka ka dawo tafi. Yaron da yake kwana a gida iyayensa suna ganinsa kullum, in ya fara bin abokan banza ko baida lafiya a ranar zasu gane, amma na makarantar kwana sai ranar ziyara. Masu cewa a makarantar kwana anfi karatu saboda akwai karatun dare gaskiya ne, amma wannan tsari ne ba gini ba, uba zai iya sa wa dansa lokacin karatu bayan isha'i a gida."

Da kallon farko, takarda ta farko za ta iya samun 17, ta biyu 9. A ɗora su a kan ma'auni. Ta farko ta ɗauki matsayi, amma tarbiyya da ladabi da hali nagari dalili ɗaya ne aka faɗa sau uku, kuma ba a nuna yadda makarantar kwana ke koyar da shi ba. Karin maganar ma bai raba gardama ba, domin a gida ma ana tanƙwara icce. Hujja mataki na 2, maki 3. Tsari 3, harshe 3, ƙa'idoji 4, jimla 13. Ta biyu ta kawo dalili, ta nuna yadda yake aiki, ta ɗauko hujjar abokan hamayya mafi ƙarfi ta amsa ta. Idan sauran rubutun ya tafi a haka, hujja 7 ce. Tsari 3, harshe 3. Ƙa'idoji kuwa, a 'yan layukan nan kaɗai ga "tafi" a wurin "ta fi", wanda har ma'ana ya sauya, ga "zasu" da "anfi" da "baida", ga "dansa" babu ƙugiya, ga jimla mai tsawo da ba a yanka ba. In sauran kalmomin ɗari sun ƙaro wasu nau'o'in har suka haura takwas, maki 1 ne. Jimla 14.

Tazarar maki ɗaya ce tsakaninsu, amma magungunan da suke buƙata ba su haɗa hanya ba. Ta farko a zaunar da ita a kan "ta yaya?" bayan kowane dalili. Ta biyu a ba ta atisayen raba kalmomi na mako biyu. Jimlar maki ita kaɗai ba za ta taɓa nuna wannan ba, shi ya sa ake mayar wa ɗalibi da makin kowane layi daban.

Kafin a kai ma'aunin aji, a yi masa lissafi. Wanda ya sami mataki na 2 a ko'ina zai tashi da 9 ko 10, wato kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda ya sami na 3 a ko'ina zai tashi da 14 ko 15, kashi 70 zuwa 75. A makarantar da 40 ce makin tsira, 75 kuma ta shiga sahun farko, wannan na nufin mataki na 2 shi ne "ya tsallake da ƙyar", na 3 kuwa aiki ne mai kyau na gaske. Idan bayanin da aka rubuta a mataki na 3 ya yi sauƙin da kowa zai same shi, rabin aji zai fito da sakamakon da bai cancanta ba. Sai a tsaurara bayanin ko a sake rabon makin. Malamai da yawa ba sa yin wannan lissafi sai sakamako ya fito shugaban sashe ya kira su.

Gwaji na gaba yana buƙatar abokin aiki. A zaɓi takardu goma, a rufe sunaye, kowa ya duba nasa ba tare da ya yi alama a jikin takardar ba, sannan a kwatanta layi da layi. Hukumomin jarrabawa ma haka suke yi: kafin a raba wa masu dubawa takardu ana tara su, su gwada hannu a kan samfura iri ɗaya har makinsu ya kusanci juna. Bambancin maki ɗaya ko biyu cikin 20 ba abin damuwa ba ne. Amma idan aka ga a layin tsari kullum ɗaya na ba da 2 ɗaya na ba da 4, to akwai kalmar da kowannensu ya fahimta daban, sai a nemo ta a sauya. Malamin da shi kaɗai ne mai darasinsa a makaranta yana iya gwada kansa: ya rubuta makin takardu biyar na farko a wata takarda dabam, in ya gama ajin ya sake duba su. Idan makin ya motsa, hannunsa ya yi nauyi ko ya yi sauƙi a hanya. Takardun da aka amince sun wakilci kowane mataki a ajiye kofinsu, ba suna, don su zama abin komawa a baɗi.

Sannan a ba yara ma'aunin ranar da aka ba su jigon, ba ranar da aka mayar musu da takardu ba. Inda babu kuɗin buga kofi tamanin, allo ya isa, su kwafa a bayan littafi. Karanta musu shi kawai ba ya wadatarwa. A rubuta sakin layi biyu a allo, irin na takardun can biyu, a ce su ba da maki su kare makin da kalmomin ma'aunin. Gardamar da za ta tashi a ajin kan ko "ladabi" da "tarbiyya" dalili ɗaya ne ko biyu, ita kanta darasin muhawara ce.

Wani lokaci takarda za ta zo da ma'aunin bai san da ita ba. Yaro ya ƙi ɗaukar ɓangare, ya ce amsar ta danganta ga halin gidan da ɗalibi ya fito: marayan da ba shi da mai sa masa ido makarantar kwana ta fi masa, wanda iyayensa ke tsaye a kansa kuwa gida ya fi, kuma ya kare wannan da misalai masu ma'ana. In aka bi harafin ma'auni, "ba a san ɓangaren da ya ɗauka ba" mataki na 1 ne. Amma wannan matsayi ne, kuma ya fi na yawancin ajin zurfi. Malamar ta ba shi makin da tunaninsa ya cancanta, ta rubuta dalilinta a gefen takarda, ta kuma gaya masa cewa a jarrabawar ƙarshe, inda tambaya ta ce a goyi baya ko a musanta, gara ya zaɓi ɓangare ɗaya. Daga nan ta koma gidan mataki na 1 ta gyara kalmominsa zuwa "ba shi da matsayin da ya tsaya a kai", ta duba ko akwai wata takarda a ajin da gyaran ya shafa.